Takardar Ajiye Aikin Wata Nas: Layi Goma Sha Biyu da Kwanan Wata Guda

Ranar Litinin 30 ga Yuni, 2025 'yar yayana ta zo mini da takarda shafi biyu da rabi, ta ce, "Gwaggo, don Allah duba mini Turancin nan, gobe nake so in miƙa." Nas ce a ɗakin yara na wani asibiti, shekara uku da rabi ke nan tana aiki a wurin, kuma ta samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin jinya. Karatu ne na wata goma sha takwas, wanda ba ya haɗuwa da aiki, za a fara ranar Litinin 22 ga Satumba. Ta kawo mini ne don ta san na daɗe a ofishin kula da ma'aikata na asibiti, irin wannan takardar ta sha bi ta hannuna.

Na karanta har ƙarshe, na ajiye. Na ce mata ba gobe ba, kuma Turancin shi ne abu na ƙarshe da za mu taɓa. Na ce ta kawo mini takardar ɗaukarta aiki, da takardar da jami'a ta aiko mata, da duk wata yarjejeniya da ta taɓa sa wa hannu tun da ta fara aiki. Ta ɗan ɓata rai, don a ganinta gyaran nahawu kawai ta zo nema. Ba a daɗe ba ta ga dalili.

Abin da takardu uku suka nuna

Takardar jami'a muka fara buɗewa. An ba ta gurbi, amma da sharaɗi: sai makarantar da ta yi digirin farko ta aika da cikakken sakamakonta kai tsaye, sannan gurbin ya tabbata. Ita dai ta ga kalmar taya murna a layin farko, farin ciki bai bar ta ta sauka sakin layi na uku ba. Wannan shi ne dalilin farko da na hana ta miƙa takarda washegari. A ƙa'idar aiki ta wurare da yawa, idan ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki a fili, ba shi da ikon janye ta shi kaɗai, sai mai aikin ya yarda. Da ta miƙa, sannan sakamakon ya maƙale a hanya, da ta wayi gari babu tsuntsu babu tarko.

Sai takardar ɗaukar aiki. Ita a ranta wata ɗaya ne wa'adin sanarwa, haka ta ji abokan aiki suna faɗa. Takardar kuwa ta ce wata ɗaya ga wanda bai cika shekara biyu ba, mako takwas ga wanda ya wuce haka, kuma sanarwar ta zama a rubuce, zuwa ga daraktar sashen jinya, ta hannun shugabar ɗakin da ma'aikaci yake. Asibitoci suna tsawaita wannan wa'adin ne saboda jadawalin aiki. Ana tsara shi makonni kafin lokaci, kuma nas ɗaya idan ta fita daga ɗakin yara ba kowa za a jawo daga wani ɗakin a dasa a gurbinta ba, don awon maganin yaro da nauyin jikinsa ake yinsa, yana buƙatar hannun da ya saba.

Ta uku ita ce wadda ta manta da ita sam. A 2023 asibitin ya biya mata kuɗin wani kwas na kula da jarirai, ta sa hannu cewa za ta yi musu aiki wata ashirin da huɗu bayan kammalawa, daga 1 ga Nuwamba, 2023 zuwa 31 ga Oktoba, 2025. Wanda ya tafi kafin wa'adin zai mayar da kuɗin gwargwadon watannin da suka rage. Idan ta bar aiki farkon Satumba, ta cika wata ashirin da biyu, saura biyu. Biyu cikin ashirin da huɗu, wato kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kuɗin kwas ɗin. Abu ne da za ta iya ɗauka. Amma da yarjejeniyar irin wadda ke cewa a mayar da duka ce ko da kwana ɗaya ya rage, da lissafin ya canza gaba ɗaya, wataƙila ma sai ta roƙi jami'a ta ɗage mata shiga zuwa zango na gaba. Shi ya sa ake karanta wannan kafin a ɗauki alƙalami.

Na kuma tambaye ta ko ta nemi hutun karatu, domin mutane da yawa suna ajiye aiki alhali hutu suke buƙata. Wanda ya tafi hutun karatu, ko da babu albashi, sunansa yana nan cikin ma'aikata, kuma yana da wurin komawa. Ta ce ta tambaya, ƙa'idar asibitinsu sai wanda ya shekara biyar. Wannan ƙofar a rufe take, sai ajiye aikin.

Lissafin kwanaki

Tana so ta samu kamar mako biyu tsakanin barin aiki da fara karatu, don haɗa kaya da neman masauki. Muka tsayar da Juma'a 5 ga Satumba a matsayin ranar ƙarshe, sannan muka yi lissafi da baya. Mako takwas kwana hamsin da shida ne. Ranar da aka miƙa takarda galibi ba a ƙirga ta, washegari ake fara lissafi, kuma ko da ana tababa gara a ɗauka haka don kada a gaza da kwana ɗaya. Daga 12 ga Yuli zuwa ƙarshen watan kwana ashirin, Agusta talatin da ɗaya, ya zama hamsin da ɗaya, a ƙara biyar na Satumba, hamsin da shida cif. Ke nan lalle takardar ta shiga hannun wanda ya kamata ranar Juma'a 11 ga Yuli, ko kafin nan.

Kwana goma sha ɗaya ke nan suka rage mata ta sa a aika sakamakon nan gurbin ya tabbata. Ta yi ta zirga-zirga da kiran waya. Ranar Laraba 9 ga Yuli saƙon jami'a ya shigo, sharaɗi ya cika. Na tambaye ta tun farko me za ta yi idan 11 ga wata ta zo babu labari, muka shirya cewa za ta jira, ta matsar da ranar ƙarshe zuwa 12 ko 19 ga Satumba, ta haƙura da hutun tsakani. Allah ya sa ba a kai ga haka ba.

Akwai kuma ragowar hutun shekara. Kwana ashirin da huɗu take da shi a shekara, biyu a kowane wata. Daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta ta tara goma sha shida, ta ci goma, saura shida. Da farko ta so ta cire shidan da kanta ta rubuta ranar da ta gabaci 5 ga Satumba a matsayin ranar ƙarshe. Na hana ta. Ranar da mutum ya yi dutinsa na ƙarshe daban, ranar da aikinsa ya ƙare a takarda daban. Idan an yarda ta ci hutun a ƙarshen wa'adi, za ta daina zuwa da wuri amma tana nan ma'aikaciya har 5 ga Satumba, albashi yana tafiya. Idan kuwa ta rubuta ranar da ta gaza mako takwas, a takarda ta karya wa'adi, wani ma'aikacin albashi zai iya cire mata kuɗin kwanakin. Kuma yarda a ci hutu cikin wa'adi ko a biya kuɗinsa ba hukuncinta ba ne, na asibiti ne bisa ƙa'idarsu. Nata shi ne ta nemi a faɗa mata a rubuce.

Daftarin farko

Yanzu muka dawo kan Turanci. Ga jimlar da ta buɗe takardarta da ita:

```
I humbly wish to beg for your permission to leave my work with immediate effect from 5/9/2025.
```

Ba za a ce jimlar nan ba ta da ladabi ba. Matsalarta ita ce mutum uku za su karanta, kowa ya fahimci abu daban, kuma dalilan huɗu ne. Na farko, ba ta ce ta ajiye aiki ba, izini ta roƙa. Wanda aka roƙa izini yana iya hanawa, yana kuma iya yin shiru. Idan aka yi shiru na mako uku, wa'adin sanarwa ya fara tafiya ko bai fara ba? Ajiye aiki sanarwa ce, ana faɗa ne cikin girmamawa, ba a jiran a ce to. Mu da muka tashi da tarbiyyar cewa ba a tsaya gaban babba a ce "na yanke shawara", wannan yana yi mana nauyi a baki, kuma na ga hakan a fuskarta. Ta ce, "Gwaggo, ba zai zama rashin kunya ba?" Na ce mata ladabin takardar ofis yana cikin cika wa'adi, da bin hanyar da aka shimfiɗa, da godiya a ƙarshe. Daraktar da ke da takardu arba'in a tebur ta fi jin daɗin wadda ta gane cikin daƙiƙa goma.

Na biyu, kalmar `leave`. A Turancin ofis tana nufin tafiya, tana kuma nufin hutu. A takardar da ke maganar karatu, mai karatu cikin gaggawa zai iya ɗauka hutun karatu ake nema ya tura ta teburin da ba nata ba. Kalmar da ba ta da fuska biyu ita ce `resign`, kuma ana bin ta da `from` kafin sunan muƙami. Sai a kula da abu biyu da suke kama da ita. `retire` ta mai ritaya ce, wanda shekarunsa na aiki suka cika. `re-sign` kuwa, da ɗan layi a tsakiya, ma'anarta sake sa hannu, kusan kishiyar abin da ake nufi.

Na uku, `with immediate effect` na nufin daga yanzu-yanzu, babu wa'adi. Ta sa shi ne don ta sha ganinsa a takardun hukuma, ya yi mata kama da Turancin manya. Amma ta haɗa shi da ranar da ke nesa da wata biyu, sai jimlar ta ƙaryata kanta. Ga nas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka fahimci ta bar aiki nan take alhali sunanta na kan jadawali, magana ta tashi daga karya wa'adi ta koma barin marasa lafiya babu mai kula, irin zargin da kan iya kaiwa gaban hukumar da ke ba da lasisi.

Na huɗu shi ne kwanan watan da kansa. `5/9/2025` a tsarin Birtaniya 5 ga Satumba ne, a tsarin Amurka 9 ga Mayu. Manhajojin ofis da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. Maganin abu ne mai sauƙi: a rubuta sunan wata da haruffa, a haɗa da sunan rana. Sunan ranar yana aiki kamar mai gadi, domin idan aka yi kuskure a lamba, rana da lamba ba za su dace ba, wani zai lura.

Ko da ta cire kalmar gaggawar ta bar `with effect from` kaɗai, da sauran rina a kaba. Wani zai karanta ya ce 5 ga Satumba ita ce rana ta farko da ba ta cikin ma'aikata, wato ranar ƙarshe 4 ga wata. Wani zai ce a'a, har 5 tana aiki. Na ga an yi musu a kan albashin kwana ɗaya saboda wannan. Shi ya sa nake so a faɗi ranar ƙarshe da sunanta, a bar mai karatu ba shi da abin fassarawa.

Sauran shafi biyun tarihi ne da ƙorafi. Ta ba da labarin yadda ta fara, da burinta tun tana yarinya, da sunan jami'a da darussan da za ta ɗauka. Sannan sakin layi guda mai tsawo a kan ƙarancin ma'aikata a dutin dare, da wata ranar da aka bar ta ita kaɗai da yara fiye da ƙima, da wata babbar nas da ta yi mata tsawa gaban iyayen majiyyaci. Na san gaskiya ta faɗa, don ranar da abin ya faru a waya ta kira ni tana kuka. Amma na ce ta cire duka. Takardar ajiye aiki tana shiga fayil ta zauna shekaru. Wanda zai buɗe fayil ɗin nan gaba shi ne wanda aka nemi ya rubuta mata shaidar aiki, wataƙila bai taɓa ganinta ba, abin da zai sani game da ita shi ne abin da ke shafin ƙarshe. Kuma ƙorafin da aka cusa cikin takardar tafiya ba a bincikarsa, ana ɗaukarsa haushin mai tafiya. Idan ƙarancin ma'aikata yana jefa yara cikin haɗari, to wajibinta ne ta kai rahoto, amma ta hanyar rahoton aukuwa da asibiti ya tanada, da rana da lokaci da adadin majiyyata, a takarda daban. Ta yi hakan kuwa daga baya. Na ƙara ja mata kunne a kan abu ɗaya: cikin labarin daren nan ta ambaci ciwon wani yaro da lambar gadonsa. Bayanin majiyyaci ba ya shiga takardar da za ta bi ta hannun akawu da masinja, ko da babu suna.

Takardar da aka miƙa

A saman shafi ta sa cikakken sunanta, da lambarta ta ma'aikaci, da adireshin imel nata na kanta. Na dage a kan na kanta, don na asibiti za a rufe shi da zarar ta tafi, kuma takardun ƙarshe bayan tafiya suke fitowa. Sai wannan:

```
11 July 2025

The Director of Nursing Services
Through: The Nurse in Charge, Paediatric Ward

Dear Madam,

RESIGNATION FROM THE POST OF STAFF NURSE

I am writing to resign from my post as Staff Nurse, Paediatric Ward. In line with my contract, I am giving eight weeks' notice. My last day of employment will be Friday, 5 September 2025.

I am leaving to begin a full-time master's degree in nursing.

I will complete a written handover before I leave. Please confirm in writing my last day, my leave balance and any amount due under my training agreement.

Thank you for the support I have received here.

Yours faithfully,
```

Ƙarƙashinsa sa hannu da alƙalami, sannan sunanta a buge.

Sakin layin farko shi ne takardar, sauran rakiya ne. Jimla uku: na ajiye muƙami kaza, na ba da wa'adi kaza kamar yadda aka yi yarjejeniya, rana kaza ce ta ƙarshe. Ko an yage sauran shafin, ofishin albashi yana da duk abin da yake buƙata. Mun zaɓi `last day of employment` maimakon maganar ranar aiki ta ƙarshe saboda batun hutun nan na kwana shida, don ranar ta tsaya daram ko an ba ta hutun ko ba a ba ta ba.

Dalilin tafiya jimla ɗaya ya samu. Babu tilas a faɗi dalili, amma nata dalili ne mai kyau, yana rufe bakin masu tunanin ko wani asibitin ne ya janye ta, yana kuma share hanya idan ta dawo neman aiki da digiri a hannu. Sunan jami'a bai shiga ba, ba ruwan fayil da shi. Batun kuɗin kwas kuwa mun yi ja-in-ja. Ita tana ganin tuna musu bashi wauta ce, wataƙila sun manta. Na ce mata ofishin albashi ba ya mantuwa, jinkiri kawai yake yi, kuma yakan tuna ne a albashin ƙarshe, ya cire abin da ya lissafa ba tare da an zauna da kai ba. Gara a nemi lissafin tun da sauran mako takwas na gardama. Lura kuma ba mu rubuta adadi ba, ba mu ce ta amince da wani kuɗi ba. Mun nemi su faɗi nasu, mu gwada da namu.

Ƙananan abubuwa biyu na rubutu. Alamar mallaka a `eight weeks' notice` bayan harafin ƙarshe take zama don makonnin suna da yawa, a `master's degree` kuma kafinsa. Sannan a al'adar wasiƙar Birtaniya, idan an buɗe da `Dear Madam` ko `Dear Sir` ana rufewa da `Yours faithfully`, idan an ambaci sunan mutum sai `Yours sincerely`. Ba wanda zai ƙi karɓar takarda don an sauya su, amma mai lura yana lura. Mun rubuta wa kujera maimakon suna domin a lokacin ana raɗe-raɗin za a canza darakta.

Ta so ta ƙara alkawarin cewa za ta taimaka a nemo wadda za ta maye gurbinta, kuma a kira ta kowane lokaci bayan ta tafi. Na ce kada ta rubuta abin da ba ta da iko a kai. Ɗaukar ma'aikata ba aikinta ba ne, kuma wadda ta bar aiki ba ta da hurumin ba da shawara kan majiyyacin da ba ta gani ba. Abin da za ta iya cikawa shi ne miƙa aiki a rubuce, shi kaɗai ta ɗauka.

Miƙawa, da abin da ya biyo baya

Ranar Alhamis ta samu shugabar ɗakinsu ta faɗa mata da baki, don bai dace wadda kuke aiki tare kullum ta fara jin labari daga takarda ba. Ranar Juma'a da safe ta buga kwafi biyu. Ta miƙa ɗaya, ta roƙi shugabar ta rubuta a kan ɗayan cewa ta karɓa, da kwanan wata da sa hannu. Ta ce mini ta ji kunyar roƙon, kamar tana nuna ba ta yarda da matar ba. Da yamma kuma ta ɗauki hoton takardar ta aika wa ofishin darakta da na ma'aikata ta imel.

Amsar asibiti ta fito bayan kwana goma, an karɓi ajiye aikinta, ranar ƙarshe Laraba 10 ga Satumba. Ta kira ni hankali a tashe. Da na ga lambar na gane abin da ya faru tun kafin a bincika: kwana biyar aka ƙara, ke nan wani ya fara lissafi daga 16 ga Yuli. Haka kuwa aka yi. Shugabar ɗakin ta sa takardar a aljihun tebur, ta tafi hutun ƙarshen mako, ta dawo ta tarar da ɗaki cike, sai Laraba ta tuna ta aika. Ofishin ma'aikata suka buga hatiminsu na ranar, suka ƙirga kwana hamsin da shida daga nan. Ba mugunta a ciki. Amma da babu kwafin nan mai sa hannu, da maganarta ce kawai a gaban hatimi. Ta kai kwafin, ta nuna imel ɗin, ta kuma nuna layin takardar ɗaukar aiki da ya ce a miƙa ta hannun shugabar ɗaki, wanda shi ta bi. Aka sake buga amsa da 5 ga Satumba.

Lissafin kuɗin kwas ya zo daidai da namu, wata biyu cikin ashirin da huɗu, aka raba cirewar tsakanin albashin Agusta da na ƙarshe. Hutun kuwa ba a ba ta ba, ɗakin ba shi da hannu, aka ce za a biya ta kuɗin kwana shidan.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ni kaina ban hango ba, sai ita. Da jadawalin Satumba ya fito, ta ga an sa ta dutin dare ranar Juma'a 5 ga wata, daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safiyar Asabar. Mai tsara jadawali ta ga ranar ƙarshe ce, ta cike gurbi. Amma dutin dare yana tsallaka sha biyu. Daga tsakar dare zuwa safiya, awa takwas, za ta kasance tana ba yara magani, tana riƙe da makullin akwatin magunguna masu tsauri, tana sa hannu a rajistarsu, alhali a takarda ba ma'aikaciyar asibitin ba ce. Idan wani abu ya faru da ƙarfe uku na dare, tambayar farko da za a yi ita ce a matsayin wa take aiki, kuma kariyar asibiti ta rufe ta ko ba ta rufe ba. Har shiga kwamfutar bayanan majiyyata ana iya toshe mata da tsakar dare, tunda ranar ƙarshe aka ba masu kula da ita. Hanya biyu ce: ko a rubuta mata ƙarin kwana ɗaya, ko a sauya dutin. Aka mayar da ita na safe.

Cikin makon ƙarshe ta rubuta bayanin miƙa aiki shafi biyu: ɗaliban jinya biyu da take kula da su da inda aka tsaya a takardun tantance su, da binciken wanke hannu na wata-wata da ke wuyanta, da kayan da aka yi oda ba su iso ba. Ta kuma nemi takardar shaidar aiki mai nuna ranar farawa, ranar ƙarewa, muƙami da ɗakin da ta yi aiki. Wannan takardar nas tana buƙatarta fiye da yawancin ma'aikata, domin hukumomin lasisi a wasu ƙasashe suna neman hujjar awannin aiki kafin sabuntawa. A Birtaniya, misali, awa 450 ake nema cikin shekara uku. Mai shiga aji na wata goma sha takwas gara ta riƙe hujjar abin da ta riga ta yi, tun mutanen da suka san ta suna kan kujerunsu.

Ranar Juma'a 5 ga Satumba da ƙarfe biyu na rana suka ƙirga magungunan akwati ita da nas mai karɓar duti, su biyu suka sa hannu a rajista, ta miƙa makulli. Ta sauka ofishin ma'aikata ta ajiye katin shaida, aka sa mata hannu a takardar sallama. Takardar shaidar aikin ta karanta ta a tsaye kafin ta fita, sai ta ga an rubuta ranar ƙarewa 10 ga Satumba, daga tsohuwar amsar da aka manta ba a cire daga fayil ba. Ta zaro kwafinta daga jaka, ta zauna a benci minti arba'in har aka sake bugawa.